Bel ɗin ƙirji da agogon hannu: me ya sa HRV ɗinsu ba ya zuwa ɗaya

Masu tambayata ko bel ɗin ƙirji ya ci kuɗinsa ga wanda yake da agogo mai auna bugun zuciya, amsata eh ya ci, amma ga mai son bin HRV da gaske kawai, wato yadda tazarar da ke tsakanin bugun zuciya take sauyawa. In dai ƙirga taku da bacci ne damuwarka to bar kuɗinka a aljihu. Na daɗe ina haɗa su biyun, agogo a hannu bel a ƙirji da safe, kuma lambobinsu kusan ba su taɓa haɗuwa ba, agogo ya ce 40 da wani abu manhajar bel ta ce 60 da wani abu, sai mutum ya ɗauka ɗaya ƙarya yake. Ba ƙarya ba ce, tun farko ba abu ɗaya suke lissafawa ba.

Zuciya ba ta bugawa da tazara iri ɗaya, tsakanin wannan bugu da na gaba zai iya zama milisakan 800, na gaba 840, haka dai. Wannan jerin tazarar shi ne kayan aikin, sai a lissafa shi hanya biyu. SDNN yana duba yadda tazarorin suka warwatsu daga matsakaicinsu, bai damu da wanne ya riga wanne ba. Shi kuma rMSSD bugu da maƙwabcinsa yake kallo, a cire wannan daga na gabansa, a ninka bambancin da kansa, a ɗau matsakaici, sannan a fitar da tushen.

Bari in yi misali da tazara biyar don a gani da ido: 800, 820, 840, 860, 880. Matsakaici 840 ne, SDNN ya kama kusan 32. Kowane bambanci 20 ne saboda haka rMSSD 20 cif. Yanzu ka cakuɗa lambobin nan dai ba ƙari ba ragi: 800, 880, 820, 860, 840. SDNN yana nan a 32 ko gezau bai yi ba, tunda lambobin ba su canza ba. Amma bambance-bambancen sun koma 80, 60, 40, 20, rMSSD ya tashi zuwa kusan 55. To ka gani, na farko zuciya ce da take sassautawa a hankali kamar wanda ya zauna bayan tafiya, na biyu kuma zuciya ce mai saurin sauyawa bugu zuwa bugu, kuma wannan saurin sauyin aikin jijiyar nan ce mai taka wa zuciya birki in jiki ya samu hutu. Shi ya sa masu motsa jiki suka fi riƙe rMSSD don sanin ko jiki ya warware daga gajiyar jiya. SDNN kwashe-kwashe yake, har da sauyin da ke tafiya a hankali duk yana haɗawa.

Kuma nan ne wahalar SDNN take, yana girma da tsawon awo. Na minti ɗaya daban, na minti 5 daban, na awa 24 kuwa wata duniya ce saboda ya haɗa bacci da tafiya da hawan bene. Tun 1996 kwamitin likitocin zuciya na Turai da Arewacin Amurka da ya tsara ƙa'idar awon nan ya ce kar a gwada SDNN na awo masu tsawo daban-daban. Don haka masu ganin an ce SDNN ƙasa da 50 alamar haɗari ce su duba agogo su ga 35 hankalinsu ya tashi, ku kwantar da hankali, wancan maganar awon awa 24 ce da na'urar asibiti, galibi ma a kan waɗanda suka taɓa samun ciwon bugun zuciya, ba ta ɗan awon minti ɗaya a hannu ba.

Apple Watch SDNN yake rubutawa a manhajar Health, daga gajeren awo na kusan minti ɗaya da yake ɗauka jefi-jefi. Oura da Whoop da Garmin da Fitbit kuma rMSSD suke bayarwa, a cikin bacci. Su ma ɗin ba su daidaita ba don kowa da yankin daren da ya fi ba wa nauyi, Garmin ma sai ya yi kusan sati uku yana tara bayananka kafin ya ce maka ga matsayinka. Wasu manhajojin kamar Elite HRV kuma maki suke nunawa daga 0 zuwa 100 wanda suka juyo daga rMSSD, ba milisakan ba ne sam, amma sai ka ga mutane suna gwada shi da lambar agogon abokinsu.

Ko da a ce duka rMSSD ɗin ne, akwai batun yadda ake jin bugun. Bel wutar zuciyar yake ɗauka kai tsaye kamar ECG na asibiti, ƙololuwar bugun a fili take. Agogo haske yake haskawa cikin fata ya kalli yadda jini ke zuwa, to ƙaramin motsi, ko madauri ya yi sako-sako, ko sanyin hunturu da ke sa jini ya ragu a fata, duk suna ɓata masa gani. rMSSD kuma ba ya yafe kuskure ko ɗaya. A misalin farko in na'ura ta tsallake bugu ɗaya sai 820 da 840 su haɗe su zama 1660, rMSSD ya tashi daga 20 zuwa sama da 670. Ba za ka ga irin wannan lambar ba saboda manhaja tana tace su, sai dai kowane kamfani da irin matacinsa, wani ya jefar da bugun wani ya cike gurbin da ƙiyasi, ga wani bambancin kuma ya shigo. In ka wayi gari lambarka ta ninka ba dalili kar ka yi murna tukuna, buɗe jadawalin tazarorin ka duba, tsini ɗaya dogo a tsakiyar layi mai laushi kuskure ne ko bugun da ya zo ba a kan lokaci ba. In abin yana yawan maimaituwa kuma kana jin faɗuwar gaba ko jiri to wannan na likita ne, ba na manhaja ba.

Abin da na so a bel ɗin shi ne yana ba ni ɗanyen jerin tazarar, in ga rMSSD da SDNN na awo ɗaya gefe da gefe. Abin da ban so ba, sai ka jiƙa wajen da ke taɓa fata, da sanyin asuba wallahi ba daɗi, in kuma ya bushe minti na farko shirme yake kawowa, sannan ba abin da za ka kwana da shi kullum ba ne.

Yadda nake yi yanzu: in tashi, in zaga bayi, in zauna a kujera ɗaya kafin shayi, minti 2 zuwa 5, numfashi yadda ya zo. Zama da kwanciya ba sa ba da lamba ɗaya, haka in ka ja numfashi a hankali da gangan lambobin za su haura musamman SDNN, ka ruɗi kanka a banza. rMSSD kaɗai nake rubutawa, kuma matsakaicin sati nake kallo ba na kwana ɗaya ba. Zazzaɓi ko rashin bacci yakan ja shi ƙasa kwana biyu uku a jere tare da bugun hutu da ya hau, wannan ranar sai in rage gudu. Lambar agogo kuma na bar ta da 'yan uwanta na agogo. Bel ɗin na ba shi huɗu cikin biyar, ɗayan jiƙawar nan ta cinye.