Kuɗin haihuwa a asibitin da na yi awo: abin da aka faɗa mana da abin da muka biya

Yau kwana 52 da haihuwata, na gama wankan jego, shi ne na zauna na fito da rasit ɗin da na tara a cikin ledar katin awo. 'Yan uwa da yawa sun tambaye ni ko su je asibitin kuɗin da na haihu a nan Kano, to ga abin da na gani.

Ranar da muka je buɗe kati, cikina yana wata 3, kashiya ta ce suna da tsari na biya gaba ɗaya, naira 140,000. Ta ce a ciki akwai kati, da awo har zuwa haihuwa, da gwaje-gwajen farko, da sikanin 2, da karɓar haihuwa da gadon kwana ɗaya. Maigida ya tambaye ta, "Malama, bayan wannan akwai wani abu?" Ta ce, "Babu, Alhaji, sai dai in tiyata ta kama, Allah ya kiyaye." Muka dawo gida muka yi lissafi. Muka ware 60,000 na kayan da suka rubuto a takarda, su safar hannu, audugar mata, ledar shimfiɗa, maganin shafa wa cibi, famfas, zannuwa da 'yan kayan sawar jariri. Muka ƙara 30,000 na kuɗin mota da magunguna. Ya kama 230,000, muka ce Alhamdulillahi, abin bai fi ƙarfinmu ba.

Awon kansa ba ni da abin cewa sai godiya. Ba a barin mutum ya wuni a layi. Duk zuwa sai an auna hawan jini da nauyi da fitsari, an saurari bugun zuciyar yaro. Maganin ƙarin jini da folik asid ba su taɓa yankewa ba, fansida kuwa a gabansu ake sha, allurar tetanus 2 an yi min su wata ɗaya tsakani. Akwai wata sista mai haƙuri da ba zan manta da ita ba, ita ce ma ta cece ni daga baya.

Tun ranar farko an ɗibi jinina, an rubuta a kati cewa rukunina O ne mai nagetif. Na ga an zagaye shi da jan biro, ban san ma'anarsa ba, ba wanda ya yi min bayani. Sai da na kai sati 27 sistar nan ta duba katin ta ce, "'Yar uwa, kin tanadi allurar anti-di kuwa?" Na ce wace allura? Ta zaunar da ni ta yi min dalla-dalla. Idan uwa nagetif ce, miji kuma fozitif, yaro zai iya ɗauko na uba. In jinin yaron ya gauraya da nata, musamman lokacin haihuwa, jikinta zai ɗauke shi a matsayin baƙo ya tanadi makamin yaƙarsa. Yaron farko yakan tsira, amma cikin da zai biyo baya shi ne a haɗari, jinin jariri ya riƙa lalacewa tun yana ciki. Allurar tana hana jiki yin wannan tanadin. Ana yin ɗaya wajen sati 28, ɗaya kuma cikin awa 72 bayan haihuwa idan yaro ya fito fozitif. Kuma ba ta cikin kuɗin da muka biya. Gwajin da ake fara yi ya ci 8,000, allurar ta ci 65,000, cikin mako guda muka nemo su. Na ji zafi, amma na ce ai an gaya min a kan lokaci, ya wuce.

Na haihu daren Alhamis wajen ƙarfe 11, lafiya ƙalau, namiji. Ungozomomin sun kyauta min ƙwarai, ba tsawa ba zagi. Da a nan aka tsaya da na ce kowa ya tafi can. Amma Juma'a ta wuce cur ba wanda ya kai jinin yaron ɗakin gwaji. Ina ta tambaya, ana ce min sakamako bai fito ba, alhali ba a ma ɗiba ba. Sai safiyar Asabar da sistar nan ta shigo aiki ta gano, ta ɗiba da hannunta. Ya fito B fozitif. Aka aika famasinsu, suka ce allurar ta ƙare. Mace ta yi wata 6 tana awo a wurinku, katinta da jan biro, kun san watan haihuwarta, amma ba ku ajiye ko ɗaya ba, ba ku kuma ce mu saya mu kawo a ajiye mana ba. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna raina yake ɓaci.

Awa 72 ɗin za su cika daren Lahadi. Maigida ya fita nema a cikin rana. Sista ta ja masa kunne cewa allurar a firji take zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada ya karɓi wadda ta ɗumama, kada kuma ta daskare, ya duba ranar lalacewarta. Shago na farko babu. Na biyu suka miƙo masa daga firjin da babu wuta a jikinsa, kwalin ba sanyi ko kaɗan, ya ajiye musu. Sai a na huɗu ya samu, 80,000, babu damar ciniki tunda sun ga a matse yake. Ya naɗe ta a tawul ya sa a kula mai ƙanƙara, aka yi min bayan la'asar. Ni kuwa tun safe ina kwance ina ƙirga awoyi ina kuka, nono ma ya ƙi zuwa.

A ranar ce kuma sista ta kai yaron bakin taga, ta danna goshinsa da yatsa ta saki, wurin ya nuna rawaya, idanunsa ma haka. Shawara ce. Ta ce uwa mai O da yaro mai A ko B, hakan yana yawan faruwa, wato shi ma tun daga katin ana iya sa ido. Aka sa shi a fitila kwana 3, kowane dare 25,000, gwajin jininsa sau 3, ni ma gadona aka ci gaba da lissafa shi tunda kwana ɗayan ya ƙare. Fitilar ta yi aiki, yaro ya washe, ban ga laifinsu a nan ba. Rigakafin ranar haihuwa kuwa, na tarin fuka da shan inna da ciwon hanta, asibitin gwamnati muka kai shi aka yi kyauta.

Da na haɗa rasit ɗin duka ya haura 500,000, ban sa ragon suna ba, ban sa itacen wanka ba, kuma ba a yi tiyata ba, ba a ƙara jini ba. Kuɗin ragon ne ma ya tafi a allura, sai da yayan maigida ya ranta mana. Da kashiyar nan ko likitan da ya ga katina a wata na 3 ya ce ku ware kuɗin allura 2 da na fitila ko da za a buƙata, da mun tara a hankali cikin wata 6.

Ƙanwata tana da ciki yanzu, ta ce can za ta. Na ce ta je don awonsu yana da kyau, amma ranar da sakamakon rukunin jininta ya fito ta kawo min katin in gani, kuma kafin su biya ko sisi ta sa a rubuta mata a takarda abin da ba ya cikin kuɗin. Ni dai in Allah ya ba ni wani cikin, allurata zan saya tun wata na 8, in ga an sa ta a firji da sunana a jikin kwalin.