Mako uku ina cin goro don aikin dare: abin da na gani a jikina

Ɗinki ya taru mini, masu kaya suna ta kira, sai na ce bari in gwada goro ko zai riƙe mini ido. Da ma ni ba maciyin goro ba ne, shi ya sa duk abin da ya yi mini na ji shi sarai. Ina kuma da na'urar awon jini a gida, na riƙa aunawa ina rubutawa.

Daren farko ɓari ɗaya na ci da ƙarfe tara. Ɗaci da bauri suka fara kama mini harshe, da na kora ruwa sai na ji wani ɗan zaƙi ya biyo baya. Bayan kamar minti 40 nauyin ido ya tafi, zare ya riƙa shiga allura tashi ɗaya, har na tsinci kaina ina jan yarona na shago da hira, ni da ba na son magana in ina kan keke. Wannan aikin sinadarin kafeyin ne. Akwai wani abu, adenosin, da ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga safiya, shi ne mai sanar da jiki cewa an gaji. Kafeyin zuwa yake ya zauna a mazauninsa ya hana saƙon isa. Wato gajiyar tana nan, ji ne kawai ba ka yi. Na tabbatar da haka a mako na biyu, ranar da na yanka hannun riga biyu duk na dama, alhali idona biyu tar.

Batun zuciya ne ya ba ni mamaki. Na ɗauka bugunta zai tashi nan take, amma da ɓari ɗaya bai motsa daga 72 ba. Awon jinin ne ya ɗan hau, daga 118/76 zuwa 125/81, ya sauko daga baya. Haka kafeyin yake yi, yana ɗan tsuke jijiyoyin jini, musamman ga wanda bai saba ba. Shi kuwa tiyoburomin, ɗan'uwansa da ke cikin goro amma bai kai shi yawa ba, ba shi da ƙarfi sosai a ƙwaƙwalwa. Nasa shi ne sassauta jijiyoyi da ɗan zaburar da zuciya, kuma ya fi daɗewa a jiki. Su biyun suna sa yawan fitsari, wannan kam na sha zirga-zirga.

Ranar da na yi ganganci, goro uku na cinye tsakanin magariba da tsakar dare, cikina babu komai. Wajen ƙarfe ɗaya na ji ƙirjina yana dukan uku-uku, bugu ya kai 96, yatsuna suna rawa har na kasa riƙe alli, ƙwannafi kuma ya taso. Nishaɗin nan duk ya koma ƙunci, yaro ya yar da almakashi na hau shi da faɗa kamar ya ƙona shagon. Da na zauna na yi lissafi sai na ga ba abin mamaki ba ne. Busasshen goro yana ɗauke da kafeyin wajen kashi 2 cikin 100, ɗanye kuma kusan rabinsa ruwa ne. Matsakaici mai giram 15 zai iya ba da miligiram 150 ke nan. Uku sun haura miligiram 400 da ake cewa baligi mai lafiya kada ya wuce a yini. Mai juna biyu ma 200 ne iyakarta.

Babban aibinsa a wurina barci ne. Jiki yana ɗaukar kamar awa biyar ya rage rabin kafeyin. In ka ci da tara na dare, ƙarfe biyu rabi na nan, bakwai na safe akwai saura kashi ɗaya cikin huɗu. Ka kwanta ka yi ta juyi, ka tashi a gajiye, hannunka ya sake komawa aljihu. Kafin mako na biyu ya ƙare ɓari ɗaya ya daina yi mini komai, sai guda.

Da aikin ya ƙare na daina cin goro gaba ɗaya a lokaci guda. Washegari da la'asar ciwon kai ya sauko mini ta goshi, ga kasala, ga saurin fushi, sai a kwana na huɗu na dawo daidai. Da a hankali na rage, da ban sha wannan ba.

A ganina yana aiki, amma ga tsayuwar ido kawai, ba ya gyara lissafin wanda bai yi barci ba. Mai hawan jini, ko wanda zuciyarsa ke tsallen bugu, ko mai gyambon ciki, ya tuntuɓi likitansa kafin ya mai da shi abin kullum. Ni yanzu ɓari ɗaya nake ci bayan na karya, in azahar ta wuce kuma ba na taɓa shi.