Na gwada prcomp na R wajen haɗa ma'aunin arzikin gidaje, ga abin da na gani

Hukuncina tun farko shi ne `prcomp`, umarnin nan na manhajar ƙididdiga ta R, yana da sauri sosai kuma kyauta ne, amma fa ba ya yi maka gardama, duk abin da ka zuba masa zai fito maka da lamba mai kyan gani ko da kuwa shirme ce. Aikin da na yi da shi irin na masu binciken gida-gida ne, inda ba a tambayar mutum nawa yake samu a wata (don ba kowa zai faɗa maka gaskiya ba, wani ma bai san adadin ba), sai dai a yi masa tambayoyin eh ko a'a: akwai wutar lantarki a gidan? akwai rediyo, talabijin, firji, keke, babur, mota? daɓen ɗakin siminti ne? rufin kwano ne? banɗakin na gidan ne shi kaɗai ko ana haɗawa da maƙwabta? To daga waɗannan amsoshin ake so a fitar da maki ɗaya ga kowane gida, a jera gidajen daga mafi ƙaramin ƙarfi zuwa mafi wadata, a raba su kashi 5.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙirga eh nawa kowane gida ya ce, amma hakan yana nufin mai rediyo da mai mota duk maki ɗaya ɗaya za su samu, wanda kowa ya san ba daidai ba ne. Shi ya sa ake amfani da dabarar da ake kira PCA, wadda Deon Filmer da Lant Pritchett suka fito da amfaninta a wannan fanni a shekarar 2001 da bayanan ƙasar Indiya, kuma ita ce DHS, binciken yawan jama'a da lafiya da ake yi a ƙasashe da dama, yake amfani da ita wajen nasa ma'aunin. Abin da take yi a taƙaice, tana duba waɗanne kaya ne suke yawan tafiya tare a gida ɗaya, sai ta ba kowanne nauyinsa daga cikin bayanan da kansu, ba kai ne za ka zauna ka yanke wa firji maki ba. A R layi uku ne kawai, in dai teburinka, wanda na kira `kaya` a nan, 1 da 0 ne zalla:

```r
p <- prcomp(kaya, center = TRUE, scale. = TRUE)
maki <- p$x[, 1]
round(p$rotation[, 1] / p$scale, 2)
```

Layi na biyu ne makin kowane gida. Na ukun nan kuwa shi ne wanda nake ganin yawancin masu koyarwa suna tsallakewa alhali shi ya fi komai amfani, don shi ke nuna maka nawa makin gida yake ƙaruwa idan amsa ta tashi daga a'a ta koma eh. Mutane da yawa `rotation` kawai suke kallo su ce ai ga nauyin nan, amma ba shi ke nan ba, sai an raba shi da bazuwar tambayar, kuma ga tambayar eh ko a'a bazuwar ta dogara ne kacokan a kan kashi nawa ne suka ce eh: `sqrt(q * (1 - q))`, inda `q` shi ne rabon masu eh. Idan rabin gidaje ke da abu bazuwar 0.5 ce, idan gida 1 cikin 10 ne 0.3, idan 2 cikin 100 ne sai ta faɗo 0.14. Wato duk yadda abu ya yi ƙaranci haka ake raba shi da ƙaramar lamba, nauyinsa ya kumbura.

Bari in ba da misali da lambobin da na zaɓa don lissafin ya yi sauƙi, tambaya uku kawai daga cikin jerin. A ce rabin gidaje na da rediyo kuma `rotation` ɗinsa 0.2, gida 1 cikin 10 ke da firji da 0.4, sai keke gida 2 cikin 10 da −0.1. Samun rediyo yana ɗaga gida da 0.2 raba 0.5, wato 0.4. Firji kuwa 0.4 raba 0.3, wajen 1.33 ke nan. A `rotation` firji ninki biyu ne na rediyo, amma a ainihin makin gida ya haura ninki uku. Keke kuma −0.1 raba 0.4, wato −0.25, ma'ana mallakar keke sauke ka take yi. Yanzu ɗauki gida uku. Na farko ba shi da ko ɗaya cikin ukun, makinsa zai tsaya wajen −0.28. Na biyu yana da rediyo da keke, sai ka ƙara 0.4 ka cire 0.25, ya zama −0.13. Na uku firji kawai gare shi, 1.05. Ka ga ke nan mai kaya biyu yana nan kusa da wanda ba shi da komai, mai kaya ɗaya ya yi musu fintinkau, kuma da ƙirgen eh aka yi da na biyun ne a sama.

Maganar keken nan ce ta fi tsaya min a rai. Ba wai keke yana talauta mutum ba ne, dabarar ce ba ta san farashin komai ba, ba ta san keke dukiya ce ba, abin da ta gani kawai shi ne gidajen da ke da keke galibi ba su da lantarki da firji da talabijin, sai ta ɗauke shi alamar rashi. Haka take yi wa gona da dabbobi idan ka haɗa birni da karkara a lissafi ɗaya, mutum na da garken shanu amma saboda babu wuta a yankinsu gaba ɗaya sai ya faɗo ƙasa, ma'aunin ya koma yana auna birni ne ko ƙauye maimakon arziki. Lantarki da ruwan famfo ai ba kullum aljihun mai gida ke kawo su ba, wani lokaci layin ne bai iso ba, kuma firji da talabijin da fanka duk suna bin bayan wutar, to sai abu ɗaya ya shiga lissafi sau huɗu. Yadda za ka gane kana cikin wannan matsala ba wuya: yi teburin kashi 5 ɗin nan da birni da karkara, in ka ga kashin sama kusan duk 'yan birni ne na ƙasa kuma duk karkara, to ka san inda aka nufa. DHS ma saboda haka suka koma lissafa na birni daban na karkara daban sannan su ɗora su a kan ma'auni guda na ƙasa. `prcomp` ba zai taɓa yi maka wannan gargaɗi ba, kai za ka nema da kanka.

Akwai ƙananan abubuwa da zan wuce da sauri. Alamar makin ba ta da tabbas, wani lokaci masu kuɗi ne za su fito da lambar ƙasa da sifili, wannan a rubuce yake a bayanin umarnin kansa, don haka a duba da kayan da aka san na masu hali ne a juya idan ta kama:

```r
if (cor(maki, kaya$firji) < 0) maki <- -maki
```

In ka juya makin ka tuna nauyin layi na uku ma duk sun juya. Haka nan fom da yawa 1 ne eh 2 ne a'a, wasu kuma suna sa 9 ko 99 ga wanda bai amsa ba, in ba a gyara ba lissafin zai tafi salin alin ba tare da ƙorafi ba, 99 guda ɗaya tak ya isa ya lalata tambaya. Inda yake tsayawa ya yi magana shi ne idan akwai gurbi babu amsa, ko kuma tambayar da kowa ya amsa iri ɗaya, a kan ta biyun nan zai ce `cannot rescale a constant/zero column to unit variance`, sai ka cire ta. Amma wadda gida biyu ko uku kacal suka ce eh zai karɓe ta hannu bibbiyu, kuma ita ce ke iya jan 'yan gidajen nan can nesa da kowa, ni dai cire irinsu nake yi ko in haɗe su da makamantansu.

Inda na fi shan wahala shi ne rabawa kashi 5. Tambaya 8 ta eh ko a'a iyakar nau'in amsar da za ta iya bayarwa 256 ne, kuma a zahiri ba a samun ko kusa da haka, don marasa ƙarfi amsarsu iri ɗaya ce, a'a a'a a'a har ƙasa. In gida 30 cikin 100 suka ce a'a ga komai to makinsu ɗaya ne cif, alhali kashin ƙasa 20 cikin 100 kawai ake so ya ɗauka, ta ina za ka yanka? `cut` zai iya tsayawa ya ce `'breaks' are not unique` idan iyakoki biyu suka faɗa kan lamba ɗaya, kuma ni wannan ya fi min, don akalla ya faɗa maka akwai matsala. `ntile` na `dplyr` shi ba ruwansa, zai raba maka daidai wa daida, amma gidaje biyu masu amsa iri ɗaya sak sai ya jefa ɗaya a kashi na 1 ɗaya a na 2 bisa wanda ya riga zuwa a layin teburi kawai. Tebur ya yi kyau a rahoto, bambancin kuma na ƙarya ne. Maganin ba a cikin R yake ba, yana wajen tsara fom tun kafin a fita: a sa tambayoyin da ke bambance talaka da wanda ya fi shi talauci, kamar katifa, kujera, tebur, irin makamashin girki, mutum nawa ke kwana a ɗaki ɗaya. Kafin ka yanka komai ka buga `hist(maki)` da `sort(table(round(maki, 3)))` ka ga ko akwai tulin gidaje a wuri ɗaya.

Sannan `prcomp` ba shi da wurin sa nauyin samfur, lambar da ke nuna gida nawa kowane gidan da aka tambaya yake wakilta, kuma kashi 5 na DHS na mutane ne ba na gidaje ba, wato ana ninka nauyin gida da yawan mutanen cikinsa kafin a yanka, don haka in kana son naka ya yi kama da nasu sai ka nemi `wtd.quantile` na `Hmisc`. Kar kuma hankalinka ya tashi idan `summary(p)` ya nuna ɓangaren farko, wanda daga shi aka ɗauko makin, bai ɗauki ko kashi 30 cikin 100 na bambancin ba, da irin waɗannan tambayoyi haka aka saba gani, na Filmer da Pritchett ma wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne.

Ga wanda yake son jera gidajen bincike ɗaya daga ƙasa zuwa sama zan ce ya yi amfani da shi, ya biya buƙata. Wanda kuma yake son ya ce gida kaza talaka ne ko yana ƙasa da layin talauci, wannan ba aikinsa ba ne, don ko unguwar attajirai ka auna sai an samu kashi 20 cikin 100 a ƙasa. In kuma za a koma zagaye na biyu bayan shekara biyu ko uku don a ga ko gidajen sun ci gaba, kar a sake buga `prcomp` a kan sababbin amsoshin, nauyin zai canza kuma matsakaicin maki zai sake komawa sifili kamar ba abin da ya motsa. A ajiye `p` na farko da iyakokin yankan farko, a sa sababbin gidajen ta `predict(p, newdata = kaya2)[, 1]`, sunayen tambayoyin su zama iri ɗaya, kuma in an juya alama a zagayen farko a juya ta a nan ma.