Na biya a auna mini tallar rediyo da ta allo: abin da lissafin fanka ya nuna

Ina sayar da fanka mai caji da kayan sola a wajen Ƙofar Ƙaura a cikin Katsina, kuma ina ba wasu masu shaguna kaya a Daura da Dutsin-ma da Funtua. Shekara uku ina biyan kuɗin talla duk bazara, ciniki yana tashi, ni kuwa ban taɓa iya cewa tallar ce ta kawo mutane ko zafin Afrilu ne ya koro su ba. Bana sai na ɗauki wani ƙaramin kamfanin talla da ya ce zai shirya tallar kuma ya auna ta. Ladan aunawar kaɗai naira 60,000 ne. Abin da na gani ke nan zan faɗa, da inda aikin ya gamsar da ni da inda ya gaza.

Tsarin da suka kawo mai sauƙi ne. Tallar rediyo ta daƙiƙa 45, sau uku a rana har kwana 28, wato sau 84 ke nan, a kan naira 240,000 haɗe da kuɗin naɗar murya. Sai allon talla guda a mashigar Daura daga ɓangaren Katsina, wata ɗaya, naira 150,000 da kuɗin bugawa. Aka sayi sababbin layukan waya biyu, ɗaya ba a faɗarsa sai a rediyo, ɗayan ba a rubuta shi ko'ina ba sai jikin allon. Kowace talla kuma da kalmar rangwamenta: mai sauraron rediyo ya ce “Sanyi”, wanda ya ga allo ya ce “Iska”, a sauke masa naira 1,000.

Kiran waya shi ya fara ruɗa ni. A makon farko layin rediyo bai huta ba, har na ce wa ƙanena da ke riƙe da wayar kuɗinmu sun fito. Da wata ya ƙare, wayar ta nuna kira 412. Matashin da kamfanin ya haɗa ni da shi ya zauna a kan bencin ƙofar shago da littafin da ƙanena yake cikewa, ya ce, “Alhaji, kada mu ƙidaya kira, mu ƙidaya mutane.” Da ya cire lambobin da suka maimaitu, saura 263. Cikinsu akwai masu filashin waɗanda aka kira su ba su ɗaga ba, akwai masu tambayar ko muna gyaran tsohuwar fanka, akwai masu neman aiki, har da wanda ya kira yana son a miƙa masa gaisuwa domin ya ɗauka lambar gidan rediyon ce. Waɗanda aka yi maganar farashi da su sama da minti ɗaya su 96 ne, waɗanda muka tabbatar sun zo sun saya kuwa 31. Daga 412 zuwa 31 akwai tafiya, kuma da ni kaɗai ne da adadin farko zan riƙe.

Amma littafin kiran ya yi mini wani amfani da ban zata ba, kuma a nan na fi yaba musu. Sun nace a riƙa rubuta lokacin kowane kira, ba adadi kawai ba. Da aka jera lokutan kusa da takardar jadawalin da gidan rediyon ya bayar, sai ga shi ƙarara: duk sanda tallar ta fita, kira yana taruwa cikin minti 15 na farko, sannan ya lafa. Tallar da ke fita bayan labaran safe da ta bayan sallar isha su ke kawo kusan duka kiran, ta tsakar rana kuwa da ƙyar take kawo biyu ko uku. Sai kuma aka ga wasu darare biyu da wayar ta yi tsit a daidai lokacin da ta saba ruri. Matashin ya je ya bincika, ashe wani shiri na kai tsaye ne ya zarce lokacinsa ya cinye gurbin tallata. An rama mini su a mako na gaba ba tare da jayayya ba. Ba don an rubuta lokaci ba, da ban san an tsallake ni ba.

Layin allo kira tara kacal ya samu. Na fara cewa allon bai yi komai ba, sai matashin ya ce in dakata, domin mutumin da ke cikin mota ko bisa babur ba ya iya haddace lamba 11 yana wucewa. Ƙarancin kira a nan yana iya nufin ba a iya kwafe lambar ba, ba wai ba a ga allon ba. Gaskiya ya faɗa, sai dai wannan magana kafin a buga allon ya kamata su yi ta, ba bayan na biya ba.

Kalmar rangwame ita ce ta fi ba ni takaici. A takarda “Sanyi” ta fito sau 74, “Iska” sau shida. Da muka duba rasit ɗaya bayan ɗaya, sai muka ga 41 daga cikin 74 ɗin a shago guda aka rubuta su, kuma kusan duk wanda ya sayi fanka a can daga mako na biyu ya samu ragin. Na je da kaina na zauna a gefe. Wani dattijo ya shigo yana taya fanka, ciniki ya ƙi faɗawa, sai na ji yaron shagon ya sassauta murya ya ce, “Baba, ka ce Sanyi kawai, sai a rage maka dubu ɗaya.” Yaron ba sata yake yi ba, ciniki yake so ya ƙulla. Amma daga ranar da ya fara haka kalmar ta daina auna rediyo, ta koma ragin da ake yi wa kowa. Ta wani gefen kuma, akwai matar da ta ce mini a rediyo ta ji mu amma ta manta kalmar, wani kuma ya ce shi kunya yake ji ya tsaya yana faɗar wata kalma saboda dubu ɗaya. Ke nan adadin yana kumbura a wani wuri yana ramewa a wani, ba ka san wanne ya rinjayi wanne ba. Alamar da za ka gane kalma ta fasu ita ce ka ga yawancin masu faɗarta sun taru a shago ɗaya, ko ka ga tana ci gaba da ƙaruwa alhali kiran waya yana raguwa. Kamfanin bai ja kunnen yaran shago tun farko ba, bai kuma ba da shawarar a sauya kalmar duk mako ba. Wannan gazawarsu ce, kuma ta ci mini naira 74,000 na ragi.

Inda lissafin ya tsaya da ƙafarsa shi ne kwatanta ciniki gari da gari. Sun karɓi littattafan mako huɗu kafin talla da mako huɗu na lokacin talla, kuma suka ce abin da mai shago ya sayar wa jama'a za a ƙidaya, ba abin da ya sara daga wurina ba, tunda yana iya ɗibar kaya ya jibge. Garuruwan kuma sun rabu yadda ake so. Funtua ta yi nisa, tashar ba ta kaiwa can, babu allo. Dutsin-ma da cikin Katsina suna jin rediyo, babu allo. Daura tana da duka biyun.

A Funtua ciniki ya tashi daga fanka 40 zuwa 50 ba tare da talla ko ɗaya ba. Ƙarin kashi 25 cikin ɗari ke nan, kuma wannan rabon zafi ne, ba nawa ba. Saboda haka duk garin da za a duba, sai an fara cire masa wannan kason. Dutsin-ma ta tashi daga 60 zuwa 90. Da zafi kaɗai ne da 75 za ta kai, don haka fanka 15 ne za a jingina wa rediyo. Shagona na Katsina ya tashi daga 120 zuwa 180, da zafi kaɗai 150 ne, saura 30. Duka biyun sun ƙaru da rabi. Daura ta tashi daga 50 zuwa 77. Idan ita ma ta ƙaru da rabi saboda zafi da rediyo, 75 za ta kai, cikinsu kimanin 12 na rediyo. Abin da ya rage wa allon naira 150,000 fanka biyu ne, alhali cinikin Daura yakan yi sama da ƙasa da fanka uku ko huɗu daga mako zuwa mako ko babu dalili. Biyu bai isa a kira shi sakamako ba.

Jimillar na rediyo fanka 57 ke nan. Ribata a kowace fanka wajen naira 6,000 ce, ta zama 342,000. A cire 240,000 na tallar da 74,000 na ragin, saura 28,000. Idan aka ɗora kuɗin allo da ladan aunawa, a wannan watan faɗuwa na yi, duk da cewa idon mai kallo zai ga shago cike da mutane.

Akwai inda ban amince da rahoton gaba ɗaya ba. Duk ginin yana kan zaton cewa abin da ya motsa Funtua daidai yake da abin da ya motsa sauran garuruwan, alhali yawan ɗauke wuta ba ɗaya ba ne a ko'ina, kuma fanka mai caji cinikinta yana bin ɗaukewar wuta kamar yadda yake bin zafi. Shago ɗaya ne kuma ke wakiltar Funtua, da mai shi ya yi tafiyar kwana uku lissafin duka ya karkace. Sannan sun rufe ƙidaya ranar da talla ta ƙare, ni kuwa mako biyu bayan nan ina samun masu cewa sun ji mu a rediyo, albashi suke jira. Waɗannan ba su shiga rahoton ba. Allo ma, ana iya cewa wata ɗaya ya yi masa kaɗan, domin aikinsa sabar wa ido da suna ne a hankali. Na yarda da haka, amma kuɗin da nake juyawa bai kai in jira abin da ba na iya gani ba.

Zan sake aiki da su, bisa sharuɗɗa. Na faɗa wa matashin cewa baɗi babu allo, babu tallar tsakar rana, kuɗinta a mayar da shi safe da dare. Kalmar rangwame za ta riƙa sauyawa duk Asabar, kuma ba za a rage ko sisi ba sai mai saye ya bar lambar wayarsa a rasit. Garin kwatance zai zama biyu, Funtua da wani da tashar ba ta kaiwa, kuma ƙidaya za ta ci gaba har mako biyu bayan an daina talla, ta haɗa da ƙarshen wata. Ya rubuta su a bayan littafin kiran, ya ce, “Alhaji, na ƙarshen zai ƙara kuɗin aiki kaɗan.” Na ce ya kawo farashin kafin watan Fabrairu ya fita.