Manja ko man gora: wanne zan sa a tukunya?

«Don Allah 'yan uwa, likita ya ce kolestarol ɗin maigidana ya hau, kuma ina da yara uku ƙanana. In bar manja in koma man gora na kanti, ko yaya? Muna Garwa.»

Hajiya, Allah ya ƙara wa maigida lafiya. Kafin komai, juya gorar man ki karanta bayanta, domin man kanti ba iri ɗaya ba ne. Wanda muka fi sani a nan Arewacin Kamaru shi ne man auduga, irin Diamaor da kamfanin Sodecoton ke tacewa. Amma da yawan gorunan da ke zuwa daga Duwala manja ne aka tace. In kin ga an rubuta `huile de palme raffinée` ko `oléine de palme`, to manja ne aka cire masa ja.

A wajen maigida, abin dubawa shi ne kitse mai daskarewa, wanda ke ɗaga mugun kolestarol. Kusan rabin manja wannan kitsen ne, mafi yawansa falmitik, kimanin kashi 44 cikin ɗari. Shi ya sa manja ke yin barci a kwalba da sanyin hunturu. Sauran rabin oleyik ne wajen kashi 40, irin wanda ya yi yawa a man gyaɗa, da linoleyik kashi 10. Man auduga kuwa kitsensa mai daskarewa kusan kwata ne kawai, fiye da rabinsa linoleyik ne, wanda ke taimakawa wajen sauke kolestarol idan ya maye gurbin mai daskarewa. Man gyaɗa ya fi su sauƙi, kusan kashi ɗaya cikin biyar. Tacewa ba ta canza waɗannan. Wanda ya bar jan manja ya koma tataccensa bai rage wa jijiyoyinsa wani abin kirki ba, kuma wannan ne kuskuren da na fi gani a gidajenmu.

Ga yara kuma labarin ya juya. Jan nan na manja karotin ne, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare ido daga dundumi da ƙarfafa jikin yaro a kan ƙyanda da gudawa. Kilo ɗaya na ɗanyen manja na ɗauke da miligiram 500 zuwa 700 nasa. A masana'anta ana sa wata irin ƙasa mai kama da yumɓu ta tsotse launin, sannan a tura tururi mai zafin digiri 240 ko fiye don cire wari, karotin ya tafi gaba ɗaya. Tun 2011 dokar Kamaru ta wajabta ƙara bitamin A a tataccen mai, abu ne mai kyau, sai dai hasken rana na cinye shi. Man da aka juye a ƙananan kwalabe ya wuni a kan tebur a rana, kada ki dogara da shi.

Bari mu auna da tukunyarki. Ku biyar ne, a ce kin sa babban cokali biyar a miyar kuɓewa, kowa ya sami cokali ɗaya, giram 14. Idan manja ne, maigida ya ci giram 7 na kitse mai daskarewa daga miyar nan kaɗai, alhali abin da ake so babban mutum kada ya wuce a yini wajen giram 20 ne, ga nama da man shanu ba a lissafa ba. Da man auduga, giram 3 da rabi ne. Yaro kuwa a cokalin manja ya sami karotin miligiram 7, ƙaramin cokalin shayi ma ya kusa biya masa buƙatar yini.

Da ni ce, miyar gida da man gyaɗa ko na auduga zan yi ta, a auna da cokali, ba a tuttula daga gora ba. Sai in ɗiga wa yara ƙaramin cokalin manja a kwanonsu, a kan wake, dankali ko fate, sau uku ko huɗu a mako.

Sharaɗin shi ne kada a ƙona shi. Al'adar nan ta barin manja a wuta sai ya yi hayaƙi ya koma fari, ita ce aikin masana'anta a cikin madafa: kin kashe karotin, kitsen yana nan daram. Ki narkar da shi a wuta kaɗan, ko ki zuba bayan miya ta nuna. Suyar ƙosai da makala ki bar wa tataccen mai, kuma kada ki yi ta maimaita shi har ya yi baƙi.

Wajen saye ki ɗanɗana. Manja mai kyau ba ya ƙaiƙayin maƙogwaro. In ya yi, ya tsufa ko an bar 'ya'yan kwakwar sun jima kafin a matse. Launinsa ja ne mai ratsin ruwan lemo. Wanda ya yi jajir kamar jini ki guje shi, akwai masu zuba rini. Ki ajiye shi a rufe, cikin inuwa, ki sayi abin da zai ƙare a wata ɗaya ko biyu.