Littafin tsara kuɗi na farko ga ma'aikacin da albashinsa ke hawa da sauka

Na gwada littattafan tsara kuɗi iri biyu a kan lissafi guda, na matashin ma'aikaci mai ƙaramin albashi wanda kamasho da kuɗin ƙarin aiki ke cike masa. Ɗaya ne ya yi aiki.

Ga abin da ya shigo masa cikin wata shida: 90,000, 150,000, 85,000, 200,000, 95,000 da 130,000. Haya, abinci da kuɗin mota, waɗanda ba makawa sai an biya, suna cin 70,000 kowane wata.

Irin na farko shi ne mai raba kuɗi kashi-kashi: 50 cikin ɗari na larura, 30 na jin daɗi, 20 na ajiya. Yana da daɗin karatu, amma an gina shi ne a kan albashin da ba ya motsi. A watan 85,000, rabin kuɗin 42,500 ne, alhali larura na neman 70,000. Mai gidan haya ba ya ragi don kamasho bai zo ba. Wasu littattafan kan ce a ɗauki matsakaicin samu, wato 125,000 a nan. To, wata uku cikin shidan ba su kai haka ba, kuma ta nan bashi ke shigowa.

Irin na biyu shi nake ba da shawarar a saya. Yana koyar da gina kasafi a kan wata mafi ƙarancin samu. Duk abin da ya shigo sai ya fara sauka a wani asusu na daban, daga nan mutum ya riƙa biyan kansa 85,000 a rana guda kowane wata. Rarar wata shidan ta kama 240,000, fiye da kuɗin larurar wata uku. Sai wannan ajiya ta tsaya da ƙafarta sannan a ƙara albashin ko a fara maganar zuba jari.

Shi ma yana da gyara. Bai cika jaddada kuɗin da ake biya sau ɗaya a shekara ba, waɗanda dole a raba su gida 12 a saka cikin larura, in ba haka ba su lashe rarar lokaci guda. Kuma in farashin kaya na tashi, sai an sake lissafin duk bayan wata shida.

Kafin ka biya kuɗin littafi, buɗe jerin babi-babinsa. In babu babin samun da ba shi da tabbas, ko babu jadawalin da za ka cike da alƙalumanka, mayar da shi. Haka ma wanda rabinsa bayanin haraji da fanshon wata ƙasa ne, domin dokokin ba su shafe ka ba.