GARGAƊI: wanda ya cinye kuɗin Umrar mahaifiyata yana nan cikin Maradi yana talla

Miliyan 2 da jika 300. Kuɗin Umrar goman ƙarshe na azumi, na Inna, wanda ni da ƙannena muka daɗe muna tarawa. Mutumin nan, mai ajans ɗin Hajji da Umra, ya karɓe su cikin bironsa, ya ƙirga a gabana, ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, "Ƙanena, Hajiya uwata ce, ko kuɗina ne zan kai ta." Har yau maganar nan ba ta bar kunnena ba. Uwata ce, in ji shi.

Kada wani ya ce mini ban yi bincike ba. Na je biron da ƙafata, akwai allo, akwai sakatare, akwai hotunan alhazai a bango. Wani dattijo da muke sallah tare ne ya nuna mini shi. Mai biron ya ba ni rasi da hatimi. Me kuma ake so mutum ya yi?

Tallar tana nan a wayata, zan saka hotonta ku gani. "Amana ce jarinmu." "Masauki kusa da Harami." "Jirgi kai tsaye." "Biza cikin sauƙi." Duk kalmomin kwantar da hankali ne, amma ku duba da kyau, babu abu ɗaya a ciki da za a kama shi da shi. Babu sunan otal, babu mita nawa ne zuwa masallaci, babu mutum nawa a ɗaki, babu sunan kamfanin jirgi, babu ranar tashi balle ta dawowa. Da na matsa masa a kan masauki, can daga baya, sai ya ambaci Aziziyya. Wanda ya taɓa zuwa Makka ya san daga Aziziyya sai an hau mota ake isa Harami. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, cikin azumi, cikin cunkoson goman ƙarshe, wannan ne "kusa"?

Kai, na tsallake wani abu. Kafin maganar otal ne ya turo mini takardar jirgi, ita ce ma ta sa na cika sauran kuɗin, don da farko miliyan 1 na ba shi. Takarda ce mai sunan Inna, Yamai zuwa Jidda, da wata lamba mai haruffa 6. Na ga suna, na ga rana, na kai masa miliyan 1 da jika 300 a wannan yammacin. Ashe wannan takardar riƙe kujera ce kawai. Ana iya buga ta ba a biya ko dala ba, kuma idan wa'adin biya ya wuce, kamfanin jirgi yana soke ta. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13, kuma idan ka saka haruffan nan 6 da sunan matafiyi a shafin kamfanin jirgin, za ka ga ko tafiyar tana nan. Wani ɗan'uwa da ke aikin sayar da tikiti ne ya duba mini, ya ce babu komai. Ku faɗa mini, mutum nawa ne a kasuwar Maradi suka san wannan bambancin?

Bizar ma haka. Hoto ya turo a WhatsApp, aka saka lambar fasfo a shafin biza na Saudiyya, ba a ga komai ba. Inna kuwa ta yi allurar sanƙarau, ta ɗinka fararen kaya, ta zagaya dangi har Tibiri tana neman gafara. Mata sun zo sun ba ta saƙon addu'a. Ni ne na shiga ɗakinta na faɗa mata babu tafiya. Ba ta ce mini komai ba sai "Allah bai kira ba," wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Miliyan 2 da jika 300, kuma fasfonta yana hannunsa har yanzu. Yau ya ce yana Yamai, gobe ya ce Saudiyya ce ta rufe biza, jibi waya a kashe. Na kai ƙara komisariya, shi ya sa ban rubuta sunansa ba tukuna, amma rasi, muryoyinsa da takardar jirgin duk zan fito da su. Abin da ya sa na kasa yin shiru, jiya na ga ya saki sabuwar talla, ta Hajji wannan karon.

Kafin ku ba kowa kuɗi, ku tambayi COHO, hukumar shirya Hajji da Umra, ko ajans ɗin tana cikin waɗanda aka amince wa. A rubuta sunan otal, kamfanin jirgi da ranaku cikin takardar yarjejeniya, a sa hannu. Wanda ya ce zai kai ku Hajji da bizar ziyara ko ta Umra, ku tashi ku bar masa bironsa. Wanda kuma ya san mutumin nan ya taɓa yi masa haka, ya neme ni, mu haɗu mu koma komisariya tare.